Lambar mAh a Jikin Batir: Abin da Take Ƙirgawa da Abin da Ta Bari

Daga cikin lambobin da ake bugawa a kwalin wayar salula, babu wadda matasa suka fi riƙewa kamar ta batir, wato wadda ake rubutawa 5000 mAh ko 6000 mAh, har ta kai ga ana yanke shawarar sayen waya ko barinta a kan wannan lamba kaɗai, bisa zaton cewa wadda lambarta ta fi girma ita ce za ta fi daɗewa kafin ta nemi caji. A garuruwan da wutar lantarki ba ta zama, inda cika waya ke nufin biyan kuɗi a shagon mai caji ko jiran a tayar da janareta, wannan damuwa tana da hujja, kuma babu laifi ga wanda ya fara duba batir kafin kyamara. Kuskuren yana wajen ɗora wa lambar nauyin da ya fi ƙarfinta, domin tana ƙirga abu ɗaya ne daga cikin abubuwan da ke haɗuwa su ba da tsawon awannin da waya za ta yi tana aiki, kuma matashin da ya san abin da take ƙirgawa zai iya yin sauran lissafin da kansa a bayan takarda, ba tare da ya jingina da maganar mai talla ba.

Haruffan uku kowanne yana da aikinsa. Babban harafin A yana nufin amfiya, wato ma'aunin yawan lantarkin da ke wucewa ta cikin waya ko na'ura a kowace daƙiƙa, kuma an samo sunan daga André-Marie Ampère, masanin kimiyya Bafaranshe da ya rasu a 1836. Ƙaramin harafin m yana nufin kashi ɗaya cikin dubu, don haka miliamfiya 1000 su ne amfiya guda, shi kuma h yana nufin awa. Idan aka ninka yawan abin da ke gudana da tsawon lokacin da ya ɗauka yana gudana, abin da za a samu shi ne jimillar abin da ya wuce, kuma wannan jimilla ita ce cajin da batir ke iya bayarwa daga cikarsa zuwa ƙarewarsa. Batir mai 5000 mAh zai iya ba da miliamfiya 1000 na tsawon awa biyar, ko miliamfiya 500 na tsawon awa goma, ko miliamfiya 250 na tsawon awa ashirin. Daga nan ma ana iya ganin cewa kalmar awa da ke cikin sunan ba alƙawarin wani lokaci ba ce, domin batir ɗaya ne ya ba da awa biyar kuma ya ba da awa ashirin, gwargwadon yadda aka ja shi. Masana'antu kan auna lambar ne bisa wani ƙa'idajjen gwaji na ƙasa da ƙasa mai suna IEC 61960, inda ake zuƙe sabon batir a hankali cikin kimanin awa biyar, a ɗaki mai sanyin digiri 20 ko kusa da haka, yanayin da wayar da ke aljihun mutum a Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Abu na farko da lambar ta bari shi ne ƙarfin turi, wanda ake aunawa da bolt, ana rubuta shi da harafin V. Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin ita ce a tuna da bandir ɗin kuɗi. Bandir ɗin naira ɗari biyu-biyu da bandir ɗin naira dubu-dubu duka takardu ɗari ne a cikinsu, kuma wanda ya tsaya a ƙirga takardu zai ce daidai suke, alhali ɗaya dubu ashirin ne, ɗayan kuma dubu ɗari. Lambar mAh ƙirgen takardu ce, bolt kuma shi ne darajar kowace takarda, sai an haɗa su biyun sannan a san ainihin dukiyar da ke cikin batir, wadda masana ke kira makamashi, suna auna ta da wat-awa, ana rubutawa Wh. Lissafin gajere ne:

Wh = (mAh × V) ÷ 1000

Batirin wayar zamani, wanda ake yi da sinadarin litiyom, ba ya tsayawa a bolt ɗaya: yana kaiwa wajen 4.4 idan ya cika, ya riƙa sauka har zuwa ɗan sama da 3 lokacin da wayar za ta mutu, don haka ake rubuta matsakaicinsa a jikinsa, galibi 3.85 ko kusa da haka. Idan aka ninka 5000 sau 3.85 aka raba da 1000, za a samu wat-awa 19.25, kuma wannan shi ne abin da batirin ya mallaka. Mai son ya ji girman adadin a hannu sai ya tuna cewa yunit ɗaya da mitar gida ke ci wat-awa 1000 ne, wato ya isa a cika irin wannan batir sama da sau hamsin, in ban da abin da ke salwanta a caja. A gefe guda kuma, akwai batirin kwamfutar cinya da aka saba gani ɗauke da rubutun 4400 mAh da 11.1 V. Wanda ke duba mAh kawai zai ɗauka batirin waya ya fi shi, amma lissafi ya nuna wat-awa 48.84 ne, wato ninki biyu da rabi na batirin wayar, saboda an jera ƙwayoyin batir uku a bayan juna a cikinsa har ƙarfin turinsu ya haɗu. Adalci ya sa a faɗi cewa tsakanin waya da waya wannan matsala ba ta da yawa, tun da kusan dukkansu bolt ɗinsu ɗaya ne ko dab da juna, don haka kwatanta mAh ɗin wayoyi biyu yana nuna wadda ta fi babbar ma'ajiya. Inda kwatancen ke rushewa shi ne da zarar an tsallaka daga wani nau'in na'ura zuwa wani, kamar daga waya zuwa kwamfuta, ko zuwa batirin inbata mai bolt 12, ko zuwa ƙananan batiran tocila masu caji da ke ba da bolt 1.2.

Abu na biyu, kuma shi ne mafi girma a sha'anin waya, shi ne saurin kashewa. Sanin kuɗin da ke lalita ba ya gaya wa kowa kwana nawa za su yi sai an san cefanen gidan. Saurin da na'ura ke cin makamashi ana auna shi da wat, harafin W, kuma awannin da batir zai yi su ne abin da ya mallaka a raba da abin da ake ci, wato Wh ÷ W. Abin lura shi ne wannan ci ba adadi ɗaya ba ne ko a waya guda, yana hawa yana sauka da tazara mai ban mamaki. Wayar da ke ajiye sikirin a kashe, cikin sabis mai kyau, tana cin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wat ba. Kallon bidiyo a cikin ɗaki da matsakaicin haske yana cin wajen wat guda, yayin da wasan waya mai nauyi ko ɗaukar bidiyo mai tsawo ke iya kai ta wat huɗu ko biyar, wanda shi ne lokacin da bayanta ke ɗaukar zafi a tafin hannu. Zafin nan shaida ne da ba ya buƙatar na'urar awo, domin kusan duk makamashin da waya ta ci zafi yake komawa a ƙarshe, saboda haka wayar da ta yi ɗumi tana sanar da mai ita cewa batir na tafiya da sauri.

Manyan masu cin wutar guda uku su ne sikirin, da sashen da ke magana da ƙarfen sabis, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da manhajoji. Sikirin yana ci gwargwadon faɗinsa da haskensa da yawan sabunta hotonsa a daƙiƙa, shi ya sa wanda aka saita a 120Hz ya fi na 60Hz ci, kuma hasken da ake buƙata don karanta saƙo a tsakar rana ya ninka wanda ake buƙata a ɗaki sau da yawa. Akwai kuma bambancin ƙira: sikirin LCD yana da fitila a bayansa da ke kunne ko hoton baƙi ne ko fari, shi kuwa OLED kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, baƙin ɗigo kuma a kashe yake, don haka sanya baƙin shafi yana rage ci a OLED amma kusan ba ya taɓuka komai a LCD. Batun sabis ya fi wannan ɓuya, domin mai waya ba ya ganinsa yana faruwa. Waya ba saurare kawai take yi ba, tana mayar da magana ga ƙarfen sabis, kuma tsarin sadarwa yana umartarta ta ɗaga murya idan ta yi nisa ko bango ya tare, har zuwa iyakar da ƙa'ida ta yarda, wadda a 4G ta kai miliwat 200 na siginar da ke fita, ban da ƙarin da na'urar ƙara ƙarfin ke ci kafin ta fitar da hakan. Bugu da ƙari, idan sabis ya yi rauni saƙon da zai wuce cikin daƙiƙa biyu sai ya ɗauki ashirin, wani ɓangaren a sake aika shi, kuma duk tsawon lokacin sashen yana kunne. Wannan ne ya sa wayar da ke kwana biyu a cikin birni take kasa kai magariba a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ko a doguwar tafiyar mota inda take ta laluben sabon ƙarfe.

Yana da kyau a bi misali ɗaya har ƙarshensa, da adadin da aka ɗauka a matsayin kimantawa mai kusa da abin da ake gani. A ɗauka ɗalibai biyu sun sayi waya iri ɗaya rana ɗaya, kowacce da batir mai wat-awa 19.25, kuma kowannensu yana kallon sikirin awa huɗu a yini, yana kira na awa guda, wayar tana ajiye sauran awa goma sha tara. Na farko yana zaune kusa da ƙarfen sabis, yawancin amfaninsa karatu ne da saƙonni a cikin ɗaki. Sikirin ɗinsa da abin da ke bayansa na cin wat 1.2, wanda a awa huɗu ya zama wat-awa 4.8, kiran na cin 0.8, ajiyar kuma a kan wat 0.05 ta ba da 0.95. Jimillar yininsa wat-awa 6.55 ce, kusan sulusin batirin, don haka zai yi dab da kwana uku bai nemi caja ba. Na biyu yana taya mahaifinsa tsaron rumfa a kasuwar da sabis ba shi da ƙarfi, hasken sikirin a ƙure saboda rana, yana kallon gajerun bidiyoyi ta data. Awanninsa huɗu a kan wat 3 sun cinye wat-awa 12, kiransa ya ci 1.5, ajiyarsa kuma a kan wat 0.15, saboda laluben sabis da manhajojin da ke aiki a ɓoye, ta ci 2.85. Jimillarsa 16.35 ce, wato kashi 85 cikin ɗari na batirin a yini guda. Lambar da ke kwalayensu ɗaya ce, awannin da suka riƙe wayar ma ɗaya ne, amma idan aka tambaye su ingancin batirin, ɗaya zai yabe shi, ɗayan ya rantse an cuce shi, kuma kowannensu gaskiyar abin da ya gani yake faɗa.

Haka lamarin yake idan aka juya shi, wato mutum ɗaya da wayoyi biyu mabambanta. Wayar da ke da 4000 mAh amma furosesarta sabuwar ƙira ce mai tattalin wuta, sikirin ɗinta kuma bai cika faɗi ba, tana iya wuce mai 6000 mAh da ke ɗauke da tsohuwar furosesa da manhajoji barkatai da aka cusa mata tun daga masana'anta. Lissafin bai da wuya: 4000 mAh wat-awa 15.4 ne, wanda a kan cin wat guda zai yi awa goma sha biyar da 'yan mintuna, yayin da 6000 mAh wat-awa 23.1 ne, wanda a kan cin wat 1.8 bai kai awa goma sha uku ba. Ƙananan wayoyi masu madannai, waɗanda batirinsu kan tsaya wajen 1000 mAh amma su yi kwanaki, su ne hujjar da kowa ya sani, sai dai ba a cika haɗa ta da wannan magana ba.

Inda lambar ta fi jawo husuma tsakanin mai saye da mai sayarwa shi ne a ma'ajiyar caji ta hannu, wadda aka fi sani da fawa banki. Matashi ya sayi mai 20,000 mAh, wayarsa kuma 5000 mAh ce, sai ya raba ya samu huɗu, ya sa rai zai cika wayar sau huɗu, amma da ya gwada sai ta tsaya a uku ko ƙasa da haka kaɗan, ya yanke hukuncin jabu aka ba shi. Mai yiwuwa jabun ce, amma ko ta ƙwarai ce sakamakon da zai gani ke nan. Lambar 20,000 an ƙirga ta ne a ƙwayoyin batirin da ke ciki, masu bolt 3.7, wato wat-awa 74. Kafar USB kuwa tana fitar da bolt 5, ko 9 da sama a caji mai sauri, don haka dole wata da'irar lantarki a cikin fawa bankin ta ɗaga bolt ɗin, sannan wata da'irar a cikin wayar ta sake sauke shi zuwa abin da batirinta ke karɓa. Canji biyu ke nan, kamar wanda ya mayar da naira sefa sannan ya sake mayar da sefar naira, kuma a kowane teburi sai an cire la'ada, wadda a nan take fita a matsayin zafi. Idan kowane canji ya ci wajen kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, har da ɗan abin da igiyar caji ke ɓatarwa, abin da zai shiga batirin wayar daga wat-awa 74 kimanin 55 ne, wanda idan aka raba da 19.25 ya ba da cikawa sau uku ba kaɗan. Idan kuma ana amfani da wayar yayin da take caji, abin da sikirin ke ci a lokacin ma daga wannan kason yake fita.

Kamfanonin da ke mutunta masu saye sukan rubuta lamba ta biyu da ƙananan haruffa a bayan na'urar ko a gefen kwalin, ƙarƙashin kalmomin Rated Capacity, inda za a ga wani abu kamar 12000 mAh a kan 5 V, kuma wannan ita ce abin da ke fitowa ta kafar da gaske. Kasancewar wannan lamba, tare da Wh a rubuce, alama ce mai kyau, rashinsu kuma dalili ne na yin hattara. Ƙa'idar da ta isa a riƙe ita ce a ɗauki kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu na babbar lambar kafin a raba da ta waya. Ba banza ba ne kuma kamfanonin jiragen sama suke kafa iyakarsu da Wh: abin da aka saba yarda fasinja ya shiga da shi a jakar hannu ba tare da neman izini ba shi ne batirin da bai wuce wat-awa 100 ba, wanda a bolt 3.7 ya yi daidai da kimanin 27,000 mAh, abin da ya kamata maniyyaci ko ɗalibin da zai tafi karatu waje ya duba kafin ya isa filin jirgi.

Abu na uku da lambar ta bari shi ne lokaci, domin bayanin sabon batir take yi a ranar da ya bar masana'anta. Duk cikawa da ƙarewa na cinye wani ɗan kaso na litiyom ɗin da ke kai-komo tsakanin ɓangarorin batirin, yana maƙalewa inda ba zai ƙara yin aiki ba. Kamfanin Apple, misali, ya bayyana cewa an tsara batiran wayoyinsa har zuwa iPhone 14 su riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsu bayan zagayen caji 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1000. Zagaye a nan yana nufin amfani da abin da ya kai cikar batir guda, ko da a rarrabe ne, wato rabi yau da rabi gobe zagaye ɗaya ne. Idan aka koma ga ɗaliban nan biyu za a ga yadda bambancinsu ke ƙara buɗewa, domin na biyun yana cin kusan zagaye guda kullum, zai kai 500 cikin shekara ɗaya da watanni bakwai ko takwas, alhali na farkon sai ya haura shekara huɗu. A lokacin da batirin na biyun ya sauka zuwa kashi 80, abin da ya rage masa wat-awa 15.4 ne, yininsa kuma na buƙatar 16.35, don haka wayar da a da take kai shi dare za ta fara mutuwa kafin ya rufe rumfa, ko da yake bai sauya komai a al'adarsa ba.

Zafi yana hanzarta wannan tsufa fiye da komai, musamman idan ya haɗu da batir a cike. Kamfanin da aka ambata yana gargaɗin cewa yanayin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir ragewar da ba ta dawowa, kuma duk wanda ya yi bazara a Kano ko Damagaram ya san cewa inuwa ma takan haura 40. Ba a iya sauya yanayin gari, amma ana iya daina ƙara wa Barno dawaki: barin waya a gaban gilashin mota cikin rana, cusa ta ƙarƙashin matashi tana caji, yin wasa mai nauyi da ita tana jone, ko barinta cikin tulin wayoyi a teburin mai caji awanni bayan ta cika, duk suna ɗora zafi a kan zafi. Wayoyi da dama yanzu suna da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kuma wanda yininsa ba ya cinye batir duka zai ci ribar kunna shi.

Tsohon batir yana da wata cutar da ba ta bayyana a lissafin mAh ko kaɗan, wato ƙaruwar turjiyar ciki. Turjiya ita ce cijewar da abu ke yi wa lantarkin da ke ratsa shi, kuma idan ta yi yawa a cikin batir, to duk lokacin da waya ta nemi wuta mai yawa farat ɗaya, kamar a buɗe kyamara ko a fara kira a sabis mai rauni, bolt ɗin sai ya faɗi nan take ƙasa da abin da wayar ke iya aiki da shi, ta ɗauke alhali sikirin na nuna kashi 30. Da aka jona ta da caja sai ta farfaɗo tana nuna ashirin da wani abu, domin cajin yana nan, batirin ne ya kasa fitar da shi da saurin da aka nema. Kason da ke saman sikirin shi ma ƙiyasi ne da wata ƙaramar na'ura ke yi daga bolt da abin da ya shiga ya fita, shi ya sa yake tsalle idan batir ya tsufa. Wannan alama tana nufin lokacin canza batir ya yi, kuma idan aka ga bayan wayar ya ɗago ko sikirin ya fara rabuwa da jiki, batirin ya kumbura ne da iskar gas, wanda bai kamata a ci gaba da cajinsa ko a danna shi ko a huda shi ba, sai dai a kai wa mai gyara.

Saura batun ko lambar kanta gaskiya ce. Ko a wayoyin manyan kamfanoni akwai lambobi biyu, wadda ake talla da ita, wato matsakaicin abin da batiran suka bayar a gwaji, da kuma mafi ƙarancin abin da aka lamunce, kamar yadda Samsung ke rubuta 5000 mAh ga Galaxy S23 Ultra sannan ya nuna 4855 mAh a ƙananan haruffa. Wannan tazara ƙarama ce kuma a bayyane take. Ta jabun kaya ita ce mai faɗi, kuma abin da ke tona ta shi ne nauyi, domin sinadari yana da iyakar abin da zai ɗauka. Ƙwayar batirin nan mai siffar gwangwani da ake sa wa manyan tocila da fitilun caji, wadda ake kira 18650, ta ƙwarai ba ta wuce wajen 3500 mAh, nauyinta kuma giram 45 zuwa 50 ne, saboda haka wadda aka rubuta wa 9900 mAh ƙarya ce tun daga fatarta, kuma sau da yawa idan aka ɗaga ta za a ji ta fi ta gaskiyar sauƙi. Ƙwayoyin litiyom masu kyau suna ɗaukar kimanin wat-awa 250 a kowane kilo, wanda ke nufin fawa banki mai 20,000 mAh na buƙatar kusan giram 300 na ƙwayoyi kafin a ƙara kwanso da da'ira, mai 50,000 mAh kuma zai doshi kilo guda. Wadda ta ɗauki wannan lamba amma nauyinta bai wuce na waya ba, ma'aunin mai sayar da tumatir ya isa ya yanke mata hukunci. Nauyi kaɗai ba ya wanke kaya, tun da ana iya cika kwanso da abin da ba batir ba, amma rashinsa yana kama mai laifi.

Awo na gaskiya bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Akwai 'yar na'ura mai araha da ake sanyawa tsakanin kafar USB da igiyar caji, tana nuna V da A da mAh da Wh, kuma wanda ya samu ta sai ya cika fawa bankinsa, ya yi ta cajin wayoyi ta cikinta har ya ƙare, ya karanta Wh, yana mai watsi da mAh ɗin da ta nuna tun da an ƙirga shi a wani bolt dabam. Idan mai 74 Wh ta fitar da 60 ko sama, lafiyarta ƙalau, idan kuma ta tsaya a 30, rabin abin da aka rubuta ne a ciki. A iPhone, shafin Battery Health yana nuna Maximum Capacity, wato kason da ya rage daga ƙarfin asali. A kwamfutar da ke aiki da Windows ana buga wannan umarni:

```
powercfg /batteryreport
```

Rahoton da zai fito yana jera DESIGN CAPACITY da FULL CHARGE CAPACITY, duka a mWh, wato abin da aka ƙera batirin da shi da abin da yake iya ɗauka yau, kuma duk mai sayen kwamfutar da aka taɓa amfani da ita ya kamata ya nemi ganinsu kafin ya biya. Ga wayar da ba ta da irin wannan shafi, agogo ya wadatar: a lura da kason batir, a yi awa guda ana aikin da aka saba a wurin da aka saba, a sake dubawa. Idan ya sauka da kashi 8, wannan aiki zai ci cikakken batir cikin awa goma sha biyu da rabi, kuma a batir mai wat-awa 19.25 hakan na nufin ana cin wajen wat ɗaya da rabi. Gwajin ya fi inganci idan aka yi shi tsakanin kashi 80 da 30, inda ƙiyasin wayar ya fi daidaito, aka kuma maimaita shi sau biyu ko uku. Wanda ya rubuta sakamakon a makon da ya sayi wayar yana da abin da zai kwatanta da shi bayan shekara, ko ranar da mai gyara ya sa masa sabon batir mai girman tsohon sak amma an buga masa lamba mafi girma a jiki.